Waƙar da gida suka yi wa kuka, baƙo bai gane ba

Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wa kakata marsiyya mai baiti 14, na sa mata suna "Laraba". Da na rera ta a gidanmu nan Maraɗi ranar sadakar arba'in, kowa ya yi kuka. Na tura wa ƙawata ta Kano a rubuce, sai ta ce ta zaci kishiyata ce ta rasu. Ga baitoci huɗu daga ciki:

Ina kishiyata, gwanar tsokana,
Da wa zan yi wasa, da wa gaisuwa?

Amarya tana nan, tana ta kira,
Ta bar cin abinci, ta bar shan ruwa.

Cikin El-Buhari gidanmu ya ci,
Zanenki na aure yana kasuwa.

A yau Laraba ce, da kwanon nake,
Ashe gobe ba ta da ranar zuwa.

Amarya jar akuyarta ce. Kowace Laraba takan aiko mini ƙuli-ƙuli a wani shuɗin kwano. Na ƙarshe ta aiko in mayar da kwanon, na ce gobe, a daren ta cika. Akwai kuma wani baiti kan wata rigimar gida da ban kawo ba. Yaya zan gane abin da baƙo ba zai fahimta ba, kuma yaya zan buɗe masa ba tare da na ɓata waƙar ba?

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya jiƙan Kaka, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Ƙawarki ta yi miki babban alheri, don ba ce miki ta yi ba ta gane ba. Ta gaya miki abin da ta gane, kuma daga nan ake fara gyara. Ki bi sawunta ki ga yadda ta isa can. Sunan waƙar bai nuna mata kowa ba. Baitin farko ya ce kishiya. Na gaba ya ce Amarya ta bar ci ta bar sha. Daga baya ga zanen aure. Duk Bahaushen da aka jera wa waɗannan kalmomi uku, gidan mai mata zai gani a ransa: uwargida ta rasu, amarya na kuka, ke ta tsakiya kina yi mata marsiyya. Bisa abin da ke kan takarda, karatunta daidai ne. Mutanen gidanku ba su bi wannan hanya ba saboda kafin ki buɗe baki sun san wa aka rasa, sun san akuyar, wasu ma su ne aka riƙa aika da kwanon. Rabin waƙar a cikin kawunansu take. Ke kin rubuta rabin da ya rage, suka haɗa, ta cika.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba kowane abu da baƙo bai sani ba ne aibi a waƙa. Mai karatu yana wuce abubuwa da yawa da bai san asalinsu ba, kuma ba ya jin an cuce shi. Mutum nawa ne ke cewa Katsina ta Korau ɗakin kara ba tare da ya iya gaya miki wane ne Muhammadu Korau ba? Kirarin yana shiga jikinsa duk da haka, domin zubin maganar ya gaya masa yabo ne, ya kuma gaya masa Korau wani babba ne na can baya. Makaɗan fada ma da gangan suke rufe habaici, ba su ambaci suna ba, wanda ke zaune a fadar ya san da wa ake, wanda ya ji daga nesa ya ji zafin maganar ko da bai san mai ita ba. Rufi ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa. Tambayar da za ki riƙa yi wa kowane ɗango ita ce: in baƙo bai san wannan ba, labari kawai ya rasa, ko kuwa ya rasa abin da ya kamata ya ji a ransa? In labari ne, ki bar shi. In jin ne ya ɓace, dole a gyara.

Ke ba za ki iya amsa wannan tambaya da kanki ba, don ba ki da hanyar manta abin da kika sani. Sai an gwada da mutane. Ki samu mutum biyu ko uku. Ɗaya ɗan Maraɗi wanda bai san gidanku ba, ɗaya na nesa, Damagaram ko Kano ko Sakkwato, in da hali kuma ɗaya ya girmi ɗayan sosai. Ki ba su waƙar a rubuce, kada ki rera musu. Murya tana rufe ramuka da yawa: in kika karya murya a kan ɗango, mai saurare zai ji baƙin ciki ko bai fahimci kalma ɗaya ba, sai ki zaci ɗangon ne ya yi aikin. Kada kuma ki yi musu shimfiɗa, ko da cewa ta kakata ce. Sannan kada ki tambaye su ko ta yi daɗi. Mutanenmu suna da kara, ba wanda zai kalli mai zaman makoki ya ce waƙarta ba ta yi ba, Masha Allah za ki ji ki tashi hannu rabbana. Ki tambaye su wa ke magana a waƙar, da wa take magana, me ya faru tsakaninsu. Ki ce kuma su sa alama a duk wurin da suka tsaya suka koma baya. In suna amsawa ki yi shiru, ko sun kauce ƙwarai. Wannan shirun ya fi kome wuya, domin bakinki zai yi ta ƙaiƙayin cewa a'a, ba haka ba ne. Da kin gyara musu sau ɗaya, gwajin ya lalace.

Abin da za ki samu zai kasu uku, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wurin da mai karatu bai san abin ba amma ya wuce lafiya, ya ji abin da kike so ya ji. Akwai wurin da ya tsaya cak ya ce me ke nan. Akwai kuma wurin da ya wuce da sauri yana ganin ya gane, alhali wata ma'ana dabam ya ɗauka. Masu fara rubutu sun fi jin tsoron na biyu, ni kuwa na uku nake tsoro. Wanda ya tsaya ya san akwai abin da ya ɓace masa, zai yi tambaya ko ya sake karantawa. Wanda ya ɗauki wata ma'ana bai san ya ɓata ba, kuma duk baitin da ya biyo baya a kan wannan kuskure zai ɗora shi. Abin da ya sami ƙawarki ke nan tun daga kalma ta biyu ta waƙar.

To mu bi baitocin naki. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara da gyaran da ba ya taɓa jikin waƙa, sai in bai isa ba a matsa zuwa wanda ya fi shi tsada.

"Kishiyata" ba sirrin gidanku ba ne. Wasan kaka da jika abu ne da ƙasar Hausa duka ta sani: jika namiji miji ne, jika mace kishiya ce, ana tsokanar juna a kan miji da tuwo da kuɗin cefane. Ƙawarki ta Kano ta san wannan sarai, wataƙila ita ma haka suke da tata kakar. Abin da ta rasa kalma ɗaya ce, wato kaka. In ta san da kaka ake magana, "kishiyata, gwanar tsokana" zai buɗe mata nan take, har ma ya fi taɓa ta, don za ta tuna tata. Saboda haka kada ki taɓa wannan baiti ko da wasali ɗaya. Sunan waƙar za ki sauya. "Laraba" suna ne mai kyau ga wanda ya riga ya san labarin, amma ga baƙo rana ce kawai, ko ma ya zaci sunan mace ne, tunda muna da masu amsa Laraba. Kina iya cewa "Marsiyyar Kakata", ya wadatar, sai dai ya yi kama da sunan kowace marsiyya. Ni na fi son "Kwanon Kaka". Kalma biyu, aiki biyu: ya faɗi wa aka rasa, ya kuma gaya wa mai karatu tun daga sama cewa ya sa ido a kan kwano. Sunan waƙa shi ne wuri mafi araha da ake ajiye bayani, ba ya cin kari, ba ya cin amsa-amo, kuma ba wanda ke jin an yi masa lacca.

Baitin Amarya ya fi wannan haɗari, don shi ko an sauya suna bai warke ba. Mai karatu zai san kaka ce ta rasu, sannan ya ga wata Amarya da ta bar ci da sha, ya ce wataƙila surukarta ce ko wata jikar da aka yi wa aure kwanan nan. Zai ji tausayi, amma ba irin wanda kika nufa ba. Abin da ke da zafi a baitin shi ne dabba ce, ba ta san mutuwa ba, ta dai san mai ba ta abinci ba ta fito ba. Wannan ya ɓace gaba ɗaya.

Gyaran da zai fara zuwa miki a rai shi ne ki cusa kalmar akuya, ko ki ƙara ɗango mai cewa Amarya akuyarki ce. Kada ki yi. Ki duba kalmomin da ke cikin baitin waɗanda ba su ɗauke da kome. "Tana nan" cike gurbi ne. "Abinci" kuwa kalma ce ta kowa, mutum na ci, dabba na ci. A nan ne wurin aiki:

Amarya a turke tana ta kira,
Ta bar cin harawa, ta bar shan ruwa.

Ba a ce akuya ba, amma ba Bahaushen da zai ji turke da harawa ya ci gaba da tunanin mutum. Kuma ki lura da abin da ya faru ga sunan. Da can yana ɓatar da mai karatu, yanzu yana yi masa kyauta: zai ji Amarya ya yi tsammanin mace, sai turke ya juya shi, ya gane tsohuwar nan mai tsokana har akuyarta ta raɗa wa Amarya. Halin Kaka ya fito ba tare da kin bayyana shi ba. Ɗan Maraɗi zai ga jar akuyar nan tamu a idonsa, na nesa zai ga tasa irin, duka biyun sun isa inda ake so.

Ki duba kuma karin bai motsa ba. Waƙarki tana tafiya ne a kan gaɓa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, a maimaita, irin karin da masu aruli ke kira Mutaƙarab. "Tana nan" gaɓa uku ce, "a turke" ma uku, kowace ta fara da marar nauyi ta bi da mai nauyi. "Abinci" uku, "harawa" uku, har ma harawa ta fi zama daram a ƙafar, don gaɓarta ta ƙarshe doguwa ce. Duk lokacin da za ki musanya kalma, ki rera tsohon ɗangon da sabon a jere da murya ɗaya. In harshenki ya yi tuntuɓe ko kika ji kina jan wani wasali da ƙarfin tsiya, kalmar ba ta shiga ba, ki nemi wata. Wannan irin gyara, a cire kalmar kowa a sa kalmar da ke nuna abu takamaimai, shi ne ya fi yi mini aiki a kan waƙoƙin da ake kawo mini, kuma kusan kullum baitin yakan fi na da kyau ko ga mutanen gida.

El-Buhari wani iri ne dabam. Ba na gidanku ba ne, ba kuma na kowa ba ne, na yanki ne da zamani. Dattawan Maraɗi da kewaye ba sa bukatar bayani. Fari ne na 1984, ya haɗu da rufe iyakar ƙasa da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a Najeriya a wannan shekarar, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yanke, mutane suka laƙaba wa yunwar sunansa. Amma yarinyar da aka haifa bayan 2000 a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo nan Maraɗi mai yiwuwa ta ji sunan ne kawai a bakin manya, mutumin Kano kuwa zai iya tunanin littafin hadisi, ko ya tuna mulkin Buhari na 2015 zuwa 2023. Wannan ne ya sa na ce ki sa babba da yaro cikin masu gwaji. Nisa ba ta hanya kaɗai ba ce, akwai ta shekaru.

Akwai gyara mai sauƙi da ya dace da kari: "A yunwar Buhari gidanmu ya ci". Gaɓoɓin sun zauna, yunwa ta fito fili. Amma ban ba ki shawarar ki yi shi ba. Duk wanda ya karanta wannan a Najeriya yau, zambon siyasa zai ji, ya manta da Kaka ya shiga gardama, wani ya yaba miki wani ya zage ki a kan abin da ba ki faɗa ba. Kin toshe rami kin haƙa wanda ya fi shi zurfi. Kowane gyara sai an sake gwada shi kamar sabon ɗango, don shi ma yana iya ɓatar da mutum.

Ki bar baitin yadda yake. Yana da ƙarfi a kan kansa: gida ya ci, zanen aure yana kasuwa. Ko wanda bai taɓa jin El-Buhari ba zai gane lokacin wuya ne, zai gane mace ta fitar da abin da mace ba ta rabuwa da shi don yara su ci. Jin yana nan, labari kawai ya rage. Irin wannan wuri ne ya cancanci ɗan bayani a ƙasan waƙa, layi ɗaya: El-Buhari, sunan da mutanen Maraɗi ke kiran yunwar 1984. Bayanin ƙasa na abin tarihi ne, sunan wuri, tsohuwar kalma, abin da za a iya faɗa a taƙaice ba tare da an taɓa zuciya ba. Ba a sa jin rai a ciki. In kika ga kina rubuta a ƙasan waƙa cewa wannan baiti yana nuna nadamata, ki san baitin ne bai yi aikinsa ba, a can sama za a gyara. A waƙa mai baiti 14 kuma, bayani ɗaya ko biyu sun isa. In sun kai biyar, mai karatu zai yi ta sauka yana hawa har ya rasa zaren.

Yanzu sai baitin kwano, wanda shi ne dalilin rubuta waƙar, kuma a nan nake so mu daɗe.

"Ashe gobe ba ta da ranar zuwa" ɗango ne mai kyau ƙwarai, kada ki bari kowa ya sa ki sauya shi. Amma ki duba yadda baƙo zai karanta shi. Zai ɗauke shi a matsayin wa'azi, irin maganar da ake yi a kowane zaman makoki cewa gobe ta Allah ce. Zai gyaɗa kai ya wuce. Bai san "gobe" kalmarki ce ba, wadda kika faɗa da bakinki a wata rana takamaimai, ga wani ɗan aike, a kan wani kwano. Bai san ya kamata kwanon ya kasance a wani wuri dabam ba. "Kwanon" da kika rubuta da wannan ƙarshen na sanayya yana nuna an riga an san shi, alhali a waƙar ba a taɓa ambatonsa ba. Wannan ma wata alama ce da za ki iya dubawa da kanki ba sai da mai gwaji ba: duk inda kika ce kwanon, ranar nan, maganar nan, wurin nan, ki koma sama ki ga ko kin taɓa nuna wa mai karatu abin. In ba ki nuna ba, da mutanen gida kike magana.

Sunan waƙa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, musanya kalma ma ba za ta iya ba, bayanin ƙasa kuwa zai kashe shi. Ki yi tunanin mutum ya kai ƙarshen waƙa, bai ji kome ba, ya sauka ƙasa ya karanta labarin kwano, sannan ya ce au, ashe. Ya fahimta, amma lokacin kuka ya wuce. Abin da ya sa gidanku suka fashe da kuka shi ne sun riga ɗangon sanin labarin, ɗangon ya zo ya same su a shirye. Aikinki shi ne ki mayar da baƙo ɗan gida kafin ya iso baitin ƙarshe. Wato shuka za ki yi a sama, ki girbe a ƙasa.

Abu biyu yake bukatar ya sani, al'adar Laraba da aiken ƙarshe. Ga misali, ba don ki kwafa ba, don ki ga girman abin da ake nema. Wannan ya zo da wuri, cikin baitocin da kike tuna zamanku:

Idan Laraba ce ƙuli zai iso,
A kwanonki shuɗi, mu dinga rawa.

Wannan kuma ya zo can tsakiya:

Da aike ya zo kan a maido da shi,
Na ce gobe, Kaka, ina nan zuwa.

Daga nan ki bar maganar kwano gaba ɗaya. Ki shiga Amarya, ki shiga El-Buhari, ki yi addu'o'inki. A samu aƙalla baiti uku ko huɗu tsakanin aiken da baitin ƙarshe. Tazarar nan tana da muhimmanci. In kika sa aiken dab da ƙarshe, mai karatu zai ga kina shirya shi, ya ji kamar ana jan hannunsa. In akwai tazara, zai ajiye kwanon a gefen ransa kamar ya manta, sai "A yau Laraba ce" ta tashe shi, ya tuna da kansa. Abin da mutum ya tuna da kansa ya fi shiga jikinsa fiye da wanda aka tuna masa. Kuma "zuwa" da ta rufe baitin aike ita ce za ta rufe waƙar. A ƙa'ida ana guje wa maimaita kalmar amsa-amo, amma a nan maimaicin shi ne ma'anar, kunne zai ji alƙawarin yana dawowa ba a cika shi ba.

Ki lura da abin da ban sa ba. Ban ce a daren ta cika ba. Ban ce na yi nadama ba. Marsiyya ce, mai karatu ya san an mutu, zai haɗa gobe da mutuwa ba tare da taimako ba. Mai gyara waƙa yakan yi kuskure a nan fiye da ko'ina: da ya gane baƙo bai fahimta ba, sai tsoro ya kama shi, ya zuba duk abin da ya sani. Ki ba mai karatu abin da ba zai iya sani ba sai ta bakinki, wato ƙuli da kwano da aike. Abin da zai iya ganowa da hankalinsa ki bar masa.

Akwai alamun da za su nuna miki kin wuce gona da iri. In sabon ɗango ya fara da wato, ko domin, ko ma'ana, yawanci bayani ne ya sa rigar waƙa. In sabon baiti ba shi da wani abu da ido zai gani ko kunne zai ji, shi ma haka. In baitocin da kika ƙara sun fi biyu ko uku a waƙa mai wannan tsawo, ki tsaya ki duba, wataƙila waƙa biyu ce kike matsawa cikin ɗaya. Gwaji mafi tabbaci kuwa shi ne ki koma gida. Ki rera sabuwar ga mahaifiyarki ko gwaggonki. In ta taɓa su kamar ta farko, gyaran ya zauna. In suka ce ai mun sani, me ya sa kike faɗa mana, to kin yi wa baƙo hidima kin bar masu gida a tsaye, sai ki rage. Sannan ki nemi sabon baƙo, ba ƙawarki ba, don ita yanzu ta san labarin, ta zama ƴar gida.

In za ki rera ta a taro ko ki aika da murya, kina da wata dama da takarda ba ta bayarwa, wato ƴar shimfiɗa kafin ki fara. Jimla biyu sun isa: wa aka yi wa, yaushe ta rasu, a wace unguwa. Kada ki ba da labarin kwano a shimfiɗa, kin cinye waƙar ke nan tun ba a fara ba. Magabatanmu ma suna da wurin ajiye irin wannan a cikin waƙar kanta, mabuɗi da marufi, inda bayan sunan Allah da salati ake faɗin jigo, a ƙarshe kuma mawallafi ya faɗi sunansa da garinsu, wani lokaci har da shekara ta hanyar ramzi. In waƙarki tana da mabuɗi irin wannan, nan ne wurin cewa kakarki ce. Marufi ya yi nisa, kafin a kai can mai karatu ya riga ya gina nasa labarin.

Saura baitin da ba ki kawo ba. Kin yi daidai da kika riƙe shi, kuma shawarata a kansa ta saɓa wa duk abin da na faɗa a sama. Shi ba buɗewa yake bukata ba. Rigimar gida ba taki ce ke kaɗai ba, akwai masu rai a ciki waɗanda ba su ce a kai su kasuwa ba, akwai kuma mamaciya da ba ta da bakin kare kanta. Maraɗi gari ne da in aka ga sunanki a ƙasan waƙa an san gidan, an san su wa ake nufi. Ki karanta baitin ki tambayi kanki ko yana tsayawa a rufe, wato baƙo ya ji an taɓa samun ɓacin rai Kaka ta yi haƙuri, ba tare da ya san da wa ba. In yana tsayawa haka, ki bar shi, kada ki ƙara masa ko harafi. In kuwa ba a jin kome a cikinsa sai an san wa ya yi wa wa me, ki cire shi daga wadda za ki fitar. Ba laifi ba ne waƙa ta zama tana da ta gida da ta waje. Ta gida, mai baiti 14 da suna "Laraba", ki rubuta ta da hannunki ki ajiye yadda aka rera ta ranar arba'in, kada gyara ya shafe ta. Ta waje kuma, kafin ki sake ta, ki karanta wa babba ɗaya a gidan ya ji, musamman baitin zanen aure, domin akwai dattawan da ba sa son a san gidansu ya taɓa kai kaya kasuwa, kuma in akwai mai jin haka a cikinku gara ki ji daga bakinsa tun waƙar tana hannunki.